Muzurun da fitsari ya toshe wa: zuciya ake fara dubawa kafin roba

"Malam, ban fi shekara ɗaya da fara aikin likitan dabbobi ba. An kawo min muzuru mai kwana biyu yana yunƙurin fitsari ba ya fita, mafitsara ta yi tauri kamar dutse, shi kuma yana kwance lakwas. Na yi masa allurar zailazin da ketamin don in sa masa robar fitsari, kafin in gama shiri zuciyarsa ta tsaya. Ina na kuskure, kuma da me ya kamata in fara?"

Sannu, ƙanina, Allah ya kiyaye gaba. A cikin bayaninka kalmar "lakwas" ce ta fi tsaya min a rai. Muzurun da ke kuka, yana yaguwa, yana neman cizonka idan ka taɓa mararsa, wannan da sauran ƙarfinsa. Wanda ya yi shiru, ya bar ka kana juya shi yadda kake so, ba haƙuri ya yi ba. Mafi yawan lokuta fotasiyam ne ya hau a jininsa har ya fara danne zuciya. Ido yana ganin mafitsarar da ta kumbura, hannu yana ƙaiƙayin sa roba, amma abin da zai kashe shi a cikin awa ɗaya mai zuwa yana cikin ƙirji. Ban ga jinin muzurunka ba, don haka ba zan rantse ba, amma duk alamun da ka kawo can suka nufa.

Ga yadda abin yake tafiya. Kusan duk fotasiyam ɗin jiki a cikin ƙwayoyin halitta yake zaune, ɗan kaɗan ne kawai yake yawo a ruwan jini, kuma ƙoda ce take zubar da rarar da ke shigowa kullum. Hanyar fitsarin muzuru doguwa ce, tana ƙara tsukewa har zuwa bakin azzakari, shi ya sa ɗan curin majina haɗe da tsakuwar fitsari mai laushi kamar yashi, ko ƙaramin dutse, ko ma kumburi da murɗewar naman hanyar kaɗai, ya isa ya rufe ta ruf. Mace ba ta cika samun wannan ba saboda tata hanyar gajeriya ce mai faɗi. Idan ƙofa ta rufe, mafitsara ta cika, matsin yana komawa baya har cikin ƙoda, tacewa ta tsaya. Daga nan fotasiyam ba shi da mafita. Tsamin jini ma yana taruwa, dabbar tana amai ba ta shan ruwa, jini ya ragu a jijiyoyi, kalsiyam ɗin da ke aiki a jini kuma sau da yawa ya sauka. Duk waɗannan a kan zuciya ɗaya suke haɗuwa. A muzurun da ya toshe gaba ɗaya, kwana ɗaya zuwa biyu sun isa gubar fitsari ta bayyana a jiki, idan kuma ba a buɗe ba, 'yan kwanaki ne kawai ya mutu.

Me fotasiyam yake yi wa zuciya? Kowace ƙwayar naman zuciya tana hutawa ne da wani caji na lantarki, kuma wannan cajin ya dogara da bambancin da ke tsakanin fotasiyam na ciki da na waje. Akwai kuma wani mataki da cajin yake kaiwa kafin ƙwayar ta buga. Tazarar da ke tsakanin wurin hutu da wurin bugawa ita ce ke ba bugun ƙarfi da sauri. Idan fotasiyam na waje ya yi yawa, wurin hutun yana matsowa sama, tazarar ta ragu, ƙofofin sodiyam da ke kunna bugun su fara maƙalewa a rufe. Saƙon lantarki sai ya riƙa tafiya a hankali kamar mai taka laka. Ɗakunan sama na zuciya su suke fara gajiyawa, daga baya na ƙasa su bi. Ka riƙe maganar wannan tazara, don ita ce za ta bayyana maka dalilin da ya sa allurar farko ba ta rage fotasiyam ko kaɗan, amma ita ce take ceton rai.

A lafiyayyar kyanwa fotasiyam yana tsakanin 3.5 da 5.5 milimol a lita, gwargwadon na'urar da aka auna da ita. Daga 8 zuwa sama an shiga haɗari sosai. Ba duk wanda ya toshe ne yake kaiwa nan ba, kusan ɗaya cikin takwas ne, shi ya sa mutum zai iya yin goma ta hanyar da ka bi su tashi lafiya, na sha ɗaya ya mace masa a kan teburi. Aikin shi ne ka gane wannan ɗayan tun daga ƙofa, kuma ko ba ka da na'urar gwajin jini kana da abubuwa biyu a aljihu: abin sauraron ƙirji da ma'aunin zafi. Kyanwar da ke jin zafi, tana tsoro, a ɗakin likita, ya kamata zuciyarta ta riƙa buga 180 zuwa sama a minti. Idan ka ƙirga 140 a irin wannan hali, ka tsargu. Idan ka ƙirga ƙasa da 120, zafin jikin kuma ya sauka ƙasa da digiri 35.5, ka ɗauka fotasiyam ya haura 8, ka fara magani ba tare da jiran sakamako ba. Ka haɗa da taɓa jijiyar cinya: bugu mai rauni, dasashi fari ko toka-toka, tafin ƙafa da kunnuwa sanyi ƙalau. Sai dai kada bugu mai sauri ya kwantar maka da hankali gaba ɗaya, don akwai kyanwoyin da fotasiyam ɗinsu ya yi sama amma zuciyar tana gudu a birkice maimakon ta yi sanyi.

Idan kana da na'urar zanen bugun zuciya, ɗaura ta tun kafin ka aske ƙafa. A zanen, kowane bugu yana fitowa da sassa uku a jere da ake kira P, QRS da T. Idan fotasiyam ya hau, da farko T yake tsawo ya yi tsini. Sai P ya fara kwanciya, tazararsa da QRS ta ƙaru, daga baya ya ɓace ɗungum. Sai QRS ya yi faɗi. A ƙarshe QRS da T su narke cikin juna su zama igiya ɗaya mai hawa da sauka, kuma daga nan zuwa tsayawar zuciya ba nisa. Littattafai suna jera wa kowane mataki lambarsa, amma a kan teburi zanen da lambar ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa, domin tsamin jini da ƙarancin kalsiyam suna sa zuciya ta jigata a kan lambar da wata dabbar za ta jure. Ni idan zanen ya lalace ina yin magani, ko lambar ba ta kai abin da littafi ya ce ba.

Yanzu ka dubi abin da zailazin ya tarar. Shi kansa maganin yana rage bugun zuciya, yana rage jinin da take turawa, yana hana fitar insulin wanda jiki ke bukata don maida fotasiyam cikin ƙwayoyi, sannan yana ƙara yawan fitsarin da ƙoda ke yi, a dabbar da ƙofar fitsarinta ke kulle. Da shi da 'yan'uwansa irin su medetomidin, ka ajiye su gefe a duk muzurun da ya toshe ya galabaita. Ketamin ba haramun ba ne, amma a kyanwa ta ƙoda yake fita, don haka cikakken awon lafiyayyar dabba ya yi masa yawa nesa ba kusa ba. Kuma idan irin wannan ta sake faruwa, zuciya ta tsaya a hannunka, ka sani atirofin da adirenalin kaɗai ba su cika dawo da ita ba. Kana danna ƙirji, wani yana tura kalsiyam ta jijiya.

Bari in kai ka kan wani da na yi aikinsa, don ka ga jerin a aikace. Dandaƙaƙƙen muzuru ne mai ƙiba, kilo 5, zaman ɗaki yake yi. Mai shi ta zo da cewa kashi ne ya ƙi fita, har ta ɗura masa mai a baki. Wannan ruɗanin kullum ne, don tsugunon fitsari da na kashi iri ɗaya suke a idon mai gida, saboda haka duk muzurun da aka ce maka yana fama da taurin kashi, mafitsara za ka fara lalubawa. Da na tambaye ta, ta tuna cewa tun shekaranjiya yake shiga kwandon yashinsa yana fitowa, yana lasar gabansa, yashin kuma a bushe. Na sa hannu a hankali a ƙasan ciki, na ji ƙwallo mai tauri da ya cika tafin hannuna. Taɓawa ɗaya ta isa, ba a matsa ta, don bangon da ya kwana biyu a miƙe yana iya fashewa. Kan azzakarin ya yi baƙi-baƙi saboda lasa. Bugun zuciya 100, zafin jiki digiri 35, P babu shi a allo, fotasiyam 9.2.

Abu na farko kanula a jijiyar ƙafar gaba. Bai ko motsa ba da na huda, wanda shi ma labari ne. Na ɗibi jini ta nan, muka shimfiɗa masa abin ɗumi, aka kara masa iskar oksijin a hanci, na fara ƙarin ruwa. Mil 10 a kowane kilo, wato mil 50, cikin kwata ɗin awa, sannan a sake sauraro kafin a ƙara. Kyanwa ba kare ba ce, ruwa yana saurin cika mata huhu, ballantana mai ɓoyayyen ciwon zuciya, don haka kaɗan-kaɗan ake bayarwa ana duba numfashi. Wasu suna tsoron sa ruwa kafin a buɗe hanya, wai mafitsara za ta ƙara cika. Ka bar wannan tsoron, ruwan jijiyoyi yake cikawa, yana tsarma fotasiyam, yana kai jini ga ƙoda. Game da irin ruwan kuma, an daɗe ana koyar da cewa ruwan gishiri zalla ne kawai ya halatta tunda babu fotasiyam a cikinsa. Amma Ringa laktet milimol 4 kawai yake ɗauke da shi a lita, ƙasa da rabin abin da ke jinin wannan muzurun, kuma ya fi saurin gyara tsamin jini. Shi na fi so. Idan ruwan gishiri ne a hannunka, sa shi, kada ka tsaya nema.

Ruwan na shiga na jawo kalsiyam gulukonet mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari. Awonsa rabin mil zuwa mil ɗaya da rabi a kowane kilo, ta jijiya, a hankali cikin minti 10 ko fiye, ido a kan allo ko kunne a ƙirji. Aikinsa shi ne ya ɗaga wurin bugawar nan sama, tazarar da ta tsuke ta sake buɗewa. Na tsarma mil 5 da ruwan gishiri na fara turawa. Wajen mil na uku QRS ya fara tsukewa, bugun ya hau 130, can sai ga ɗan tudun P ya leƙo. Da ka ga haka kana iya dakatawa, ba dole sai sirinji ya ƙare ba. Idan kuwa kana turawa bugun ya ƙara sauka, ka yi sauri da yawa, tsaya. Ka tabbatar gulukonet ne a hannunka, don kalsiyam kulorayid ya ninka shi ƙarfi kusan sau uku, kuma yana ƙona nama idan ya zube a wajen jijiya. Abin da ba a so ka manta shi ne, fotasiyam ɗin yana nan a 9.2, ko ƙwaya bai ragu ba. Aron lokaci ka yi, minti 20 zuwa 30, wani lokaci ya ɗan fi. Wanda ya ga zanen ya gyaru ya tafi shan iska zai dawo ya tarar da shi yadda ya faro.

A cikin wannan aron lokacin ake tura fotasiyam ya koma cikin ƙwayoyi, kuma insulin ne mai wannan aikin. Insulin mai saurin aiki, garai-garai, ba mai gajimare na masu ciwon suga ba. Awon yana kamawa daga kwata zuwa rabin yunit a kowane kilo, ni kuma na ƙasan nake ɗauka, wato yunit 1.25 a wannan muzurun, na ɗan rage na ba shi yunit 1 ta jijiya. Kowane yunit yana tafiya da giram 2 na gulukos. Lissafin mai sauƙi ne: dekstoros mai kashi 50 yana da rabin giram a kowane mil, saboda haka mil 4, na tsarma da mil 12 na ruwan gishiri don kada ya ƙona jijiya. Daga nan na zare mil 25 daga ledar ruwa mai mil 500, na mayar da mil 25 na dekstoros ɗin, ledar ta zama mai kashi 2.5, aka ci gaba da ita. Dalili shi ne gulukos ɗin allura yana ƙarewa, insulin kuma yana nan yana aiki na awanni, musamman da ƙoda ba ta aiki. Ana auna suga kowace awa ɗaya a farko. Na taɓa ganin muzurun da ya tsallake fotasiyam, dare ya raba ya kama farfaɗiya saboda suga ya faɗi babu mai dubawa. Yunit ɗaya ɗigo ne da ido ke raina wa, sirinjin insulin kawai ake auna shi da shi. Idan ba ka da abin auna suga, ko ba mai kwana da dabbar, ka ba da dekstoros ɗin shi kaɗai, jikinta zai saki nasa insulin. Bai kai ƙarfi ba, amma bai kai haɗari ba.

Akwai tabutalin, ko salbutamol na shaƙa, su ma suna tura fotasiyam ciki, ana ƙarawa idan na farko bai wadatar ba. Bayikabonet kuwa na ajiye shi a ƙarshen layi. Yana ƙara saukar da kalsiyam ɗin da zuciya ke jingine da shi, don haka ba na taɓa shi sai na auna na ga tsamin jinin ya yi muni ƙwarai.

Duk wannan kwashe shara ne daga tsakar gida zuwa ɗaka. Fotasiyam ba zai bar jiki ba sai fitsari ya fita. A wannan muzurun, kafin in taɓa roba, na zuƙe mafitsara ta bangon ciki. Allura siririya mai lamba 22, haɗe da ɗan bututun ƙari da makunni mai hanya uku da sirinji babba. Mutum ɗaya ya riƙe mafitsara da allura bai motsa ba, ɗayan yana zuƙa yana zubarwa. Huda ɗaya, a karkace tana kallon wuyan mafitsara, don kada bangon ya zame daga bakin allurar yayin da take lanƙwashewa, kuma a kwashe iya abin da za a iya kafin a zare. Mil 70 muka samu, ja kamar ruwan wankin nama. Likitoci sun rabu a kan wannan, wasu suna tsoron yoyo cikin ciki. Haɗarin yana nan, amma ƙarami ne idan an yi da nutsuwa kuma aka bi shi da roba ba da jimawa ba. Ribar a wurina ita ce matsin ya sauka daga kan ƙoda nan take, zafi ya ragu, kuma idan ka zo tura curin baya ba ka kokawa da mafitsarar da ta cika maƙil. A muzurun da ke da ƙarfinsa ba na damuwa da shi, kai tsaye nake zuwa roba.

Sai da bugun ya zauna a 150, jijiyar cinya ta cika, sannan na yi maganar kwantar da shi. Butofanol da midazolam, kowanne miligiram 0.2 a kilo, ta jijiya, sun ishi wanda ya galabaita haka. Idan yana bukatar ƙari, furofofol ɗigo-ɗigo har ya saki jiki. Abin da ya fi sauƙaƙa min aiki shi ne kashe jijiyoyin gindin wutsiya. Ka ɗaga wutsiya kana saukewa, ka lalubo gaɓar farko da ke motsi a bayan ƙashin ƙugu, ka shigar da allura siririya, ka zuƙa ka ga ba jini, ka tura lidoken mai kashi 2, mil 0.1 zuwa 0.2 a kilo. Cikin minti biyar wutsiya da dubura su saki, azzakari ya daina jin zafi, ƙafafu kuma suna nan da ƙarfinsu. Ka koye shi a wurin wanda ya iya. Haramun ne a wurina a sa wa dabba roba tana ji tana murɗewa, nan ne hanya ke yagewa.

Sa robar kanta wuri ɗaya yake ba mutane wuya. Ka aske gashin wurin, ka wanke, ka sa safar hannu mai tsabta. Ka tura loɓa baya da yatsu biyu azzakari ya fito. Kafin komai ka murza kansa a hankali tsakanin babban yatsa da manuni, don sau da yawa curin a bakin yake, sai ka ga ya fito kamar man goge baki mai yashi-yashi. Idan bai fito ba, ka ɗauki roba siririya mai lamba 3.5 wadda bakinta yake buɗe a tsaye, ko kanula mai lamba 22 da aka zare mata ƙarfen ciki, ka shafa mata man santsi, ka haɗa da bututun ƙari da sirinjin ruwan gishiri mai ɗumi. Ga sirrin: hanyar fitsarin muzuru tana da lanƙwasa a daidai inda ta fito daga ƙashin ƙugu. Da bakin robar ya shiga, ka kama loɓa ka ja azzakarin baya wajen wutsiya, ka ɗan ɗaga sama har ya yi daidai da layin ƙashin baya. Lanƙwasar ta miƙe ke nan. Mutane da yawa a kan wannan kwanar suke tokarewa su zaci dutse ne. Idan ka ji tokari na gaske, ka tsaya, mataimakinka ya tura ruwa da ɗan bugu-bugu, kai kuma ka matse bakin azzakarin a jikin robar don ruwan kada ya dawo waje. Ruwa ne yake buɗe hanya, roba bin baya kawai take yi. A namu, a sirinji na uku na ji abin ya saki a yatsuna, ruwan ya wuce ba tirjiya, roba ta zame ciki.

Idan ta ƙi, kada zuciya ta ɗebe ka. Ka duba ko dabbar ta saki jiki sosai, ka sake miƙe hanyar, ka gauraya ɗan man santsi a ruwan, ka sake zuƙe mafitsara. Alamar ka yaga ita ce ruwan da kake turawa yana kumbura fatar da ke kewaye da gaba, ko ka ji roba ta wuce amma fitsari bai zo ba, ko washegari ka ga kumburi da tabon jini a cinyoyi. Da ka daɗe kana tsokana gara ka bar shi, ka riƙa zuƙe mafitsara ta ciki kowane awa 6 zuwa 8, kana ba da ruwa da maganin zafi, ka miƙa shi ga wanda ke da kayan hoto da tiyata.

Da hanya ta buɗe, na cire robar mai tauri, don idan ta kwana tana gurje hanya, na sa mai laushi mai lamba 3.5. Na wanke mafitsara, mil 20 shiga mil 20 fita, har ruwan ya washe. Na ɗinke robar a loɓa, na haɗa ta da rufaffiyar ledar tara fitsari da aka ajiye ƙasa da dabbar, na ɗaure bututun a wutsiya da ɗan sako-sako, aka sa masa mazurarin wuya don kada ya tuge. Roba a buɗe tana ɗiga a keji gayyatar ƙwayoyin cuta ce, kuma tana hana ka auna abin da ka fi bukatar aunawa. Hoton eksire ya biyo baya, a haɗa da hanyar har ƙarshenta, don a ga inda bakin robar ya tsaya a kuma nemi duwatsu. Namu babu dutse.

A nan ne mutane ke sakin jiki, alhali saura rabin aiki. Ƙodar da aka sauke wa matsi takan ɓalle da fitsari kamar an fasa madatsa. Lafiyayyar kyanwa tana yin mil 1 zuwa 2 a kilo a awa. Namu cikin awa huɗu ya tara mil 120, wato mil 30 a awa, mil 6 a kowane kilo. Da an bar shi a kan ruwan yau da kullum na kusan mil 10 a awa, da safe sai a same shi a bushe, ƙodar ta sake tsayawa. Don haka kowane awa huɗu ake auna leda, a daidaita ruwan shiga da abin da ya fita, a ɗan ɗora kaɗan. Akasin haka ma ka sa ido: leda babu komai ba ta nufin ƙoda ta mutu sai ka duba ko roba ta lanƙwashe ko gudan jini ya toshe ta, ka kuma taɓa mafitsara. Fotasiyam ɗinsa ya sauka 6.4 a awa na huɗu. Da gari ya waye yana 3.2, wuyansa ya fara langaɓewa, sai ga ni ina zuba fotasiyam a ledar dabbar da fotasiyam ya kusa kashewa jiya. Haka abin yake, kuma iyakar gudunsa rabin milimol a kilo a awa, ba a ƙetarewa. Idan ƙoda ta fara dawowa, a riƙa rage ruwan sannu a hankali, in ba haka ba kai ne za ka riƙa ƙirƙirar yawan fitsarin da kake bi.

Maganin zafi bufurenofin na ci gaba da shi. Meloksikam da danginsa ba sa shiga jikin dabbar da ƙodarta ke jinya. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ma ba na bayarwa don kawai akwai roba, ba ya hana cutar shiga, sai dai ya zaɓo masu taurin kai. Idan akwai zazzaɓi ko gwajin fitsari ya nuna ƙwayoyin cuta, wannan daban. Mai dabbar kuma na faɗa mata baki da baki cewa farasitamol guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya tana kashewa, don irin wannan ciwon ne yake sa mutum ya buɗe akwatin maganinsa cikin tausayi.

Robar ta yi awa 36. Na cire ta da fitsarin ya washe, gwajin ƙoda ya dawo daidai, ya fara cin abinci. Ban sallame shi ba sai da na tsaya na ga fitsari ya fito da zara, ba ɗigo ba, na taɓa mafitsara bayan ya gama na ji ta yi ƙarama. Fiye da tara cikin goma na waɗanda aka yi wa magani yadda ya kamata suna komawa gida, amma sake toshewa ba baƙon abu ba ne, kuma a makon farko ya fi yawa. Wanda ya maimaita sau biyu ko uku, ko hanyar ta tsuke da tabo, sai a yi maganar tiyatar da ake cire siririn ƙarshen a buɗe sabuwar ƙofa a inda hanyar ke da faɗi. Mai muzurun dai na ce mata ta koma ba shi abinci mai ruwa-ruwa, ta ƙara kwanukan sha, ta rage masa abin da ke tayar masa da hankali a gida, sannan kullum safe da yamma ta duba yashin. Curin yashin da fitsari ya jiƙa, ɗaya ko biyu manya, lafiya lau. Ƙanana barkatai kamar tsakuwa, ta kira ni. Yashi a bushe shi kuma yana tsugunawa, kada ta tsaya kira, ta ɗauko shi ko ƙarfe nawa ne.